Ƙarin Tsawo a Sararin Samaniya da Ciwon Bayan da Ke Biyo Shi

A watan Janairun 2018, ɗan sama jannatin Japan Norishige Kanai ya sanar daga Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa cewa ya ƙaru da santimita 9 cikin mako uku. Har ya fara fargabar kujerar kumbon Soyuz, wadda ake ƙerawa daidai jikin mai ita, za ta yi masa kaɗan ranar dawowa. Da aka sake awo, santimita 2 ne. To amma ƙarin tsawon gaskiya ne, tun zamanin tashar Skylab a 1973 da 1974 ake auna shi, kuma yakan kai kashi 3 cikin ɗari na tsawon mutum.

Ƙashi ba ya girma a can. Tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya akwai faya-fayan guringuntsi guda 23 masu riƙe ruwa kamar soso. A doron ƙasa nauyin jiki yana matse su duk wuni, su sake shan ruwa idan an kwanta, shi ya sa kowa ya ɗan fi tsawo da safe. A sama babu nauyin da zai danne su, sannan lanƙwasar da ƙashin baya yake da ita tun asali takan miƙe.

Sai ciwo ya biyo. Fiye da rabin 'yan sama jannati suna kukan ciwon baya, galibi a ƙugu, a kwanakin farko, musamman lokacin barci. Abin da ya fi kawo musu sauƙi shi ne su naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, domin hakan yana ɗan mayar da matsin da bayan ya saba da shi.

An daɗe ana ɗora laifin kan kumburin faya-fayan kaɗai. Amma a 2016 wani bincike da aka yi da na'urar MRI kan mutum 6 da suka yi watanni a tashar ya gano cewa kaurin faya-fayan bai canza sosai ba, alhali tsokar da ke tallafe ƙashin baya ta ragu da kusan kashi 19 cikin ɗari. Mutum 6 ba su da yawa, amma a ganina nan ne ya kamata a fi mayar da hankali. Tsokar nan aikinta ta riƙe mutum a tsaye, kuma a inda babu tsayuwa sai ta zauna ba aiki, ta rame, duk da kusan awa biyu na motsa jiki da suke yi kullum.

Ƙarin tsawon yakan ɓace cikin 'yan kwanaki bayan sauka, amma tsokar takan ɗauki watanni kafin ta farfaɗo. A wannan tsakanin nauyi ya dawo kan bayan da ya rasa matallafi. Wani binciken NASA na 2010 ya nuna cewa gocewar faifan baya ta ninka sau huɗu da ɗoriya a tsakanin 'yan sama jannati, kuma haɗarin ya fi tsanani a shekarar farko bayan dawowa.