Yadda kwamfuta ke buga ragowar kakar wasa sau 10,000 don auna wanda zai ɗauki kofi

Idan kamfanin ƙididdigar wasanni irin su Opta ya ce wata ƙungiya tana da damar kashi 60 cikin 100 ta lashe gasar Firimiya ta Ingila, ma'anar maganar ita ce an sa kwamfuta ta buga duk wasannin da suka rage a kakar sau 10,000, kuma ƙungiyar ta ƙare a saman teburi a kaka 6,000 daga ciki. Haka ake auna damar faɗawa rukuni na biyu: a ƙirga sau nawa ƙungiya ta ƙare cikin ukun ƙarshe. Ana kiran wannan dabara Monte Carlo, kuma masana lissafi Stanislaw Ulam da John von Neumann ne suka ɓullo da ita a shekarun 1940, lokacin da suke aikin makamin nukiliya a Los Alamos ta Amurka.

Aikin yana farawa ne daga wasa guda. Ana ba kowace ƙungiya lamba biyu, ɗaya ta ƙarfin cin ƙwallo, ɗaya ta ƙarfin tsaron gida. Ana samo su daga wasannin baya, ana ba na kwanan nan nauyi fiye da na bara, wasu kuma suna haɗawa da farashin da kamfanonin caca suka sa wa wasan. Idan aka haɗa ƙarfin 'yan gaban wannan da ƙarfin 'yan bayan waccan, aka ƙara ɗan fifikon mai masaukin baƙi, sai a sami yawan ƙwallayen da ake sa ran kowace za ta ci.

A ce ana sa ran ƙungiya ta ci ƙwallo ɗaya da rabi. Ba a cin rabin ƙwallo a fili, don haka ake amfani da wata ƙa'idar lissafi mai suna Poisson, wadda ke raba wannan adadi zuwa sakamakon da zai iya faruwa. Bisa wannan ƙa'ida, a wasa 100 irin wannan, ƙungiyar za ta tashi ba ta ci komai ba a wasa 22, ta ci ɗaya a kusan 33, ta ci biyu a 25, ta ci uku a kusan 13, sauran bakwai ɗin kuwa ta ci huɗu ko fiye. Kwamfuta sai ta jefa ƙuri'a tsakanin 1 da 100. Idan ƙuri'ar ta faɗo cikin 22 na farko, babu ƙwallo. Idan ta faɗo cikin 33 na gaba, ƙwallo ɗaya, haka har ƙarshe. A yi wa abokiyar karawarta irin wannan, wasa ya tashi ke nan. Ana bin kowane wasa da ya rage da wannan hanya, a raba maki, a jera teburi, a raba gardama da bambancin ƙwallaye, a rubuta wanda ya zo na ɗaya da waɗanda suka faɗi. Kaka ɗaya ta kammala. Sai a share, a sake daga fari.

Kakar 2022/23 ta nuna amfanin wannan wahala. Bayan wasannin 1 ga Afrilu 2023, Arsenal tana da maki 72 a wasa 29, Manchester City tana da 64 a wasa 28. Mai kallon teburi zai ga tazarar maki takwas ya ce magana ta kusa ƙarewa. Amma City tana da kwantan wasa ɗaya, kuma ƙungiyoyin biyu za su haɗu a filin Etihad, gidan City. Idan City ta ci waɗannan biyun, takwas ta koma biyu. Ga kuma tafiyar Arsenal zuwa Liverpool da Newcastle tana jiranta. Teburi ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma a kowace kaka da kwamfuta ta buga sai an bi ta kansu, kuma makin da ɗaya ta samu a karawarsu ɗayar ce ta rasa shi. Abin da ya faru a zahiri shi ne Arsenal ta yi kunnen doki sau uku a jere da Liverpool da West Ham da Southampton, sannan City ta doke ta da ci 4-1 ranar 26 ga Afrilu. Arsenal ta sami maki 12 kacal a wasa tara na ƙarshe ta tsaya a 84, City ta sami 25 a wasa goma ta ɗauki kofi da 89.

Yawan maimaitawar ba shi ne wurin rauni ba. Idan ainihin damar rabi da rabi ce, kaka 10,000 za su ba da amsar da da wuya ta kauce da fiye da kashi ɗaya. Ƙara su zuwa miliyan ba zai sauya wani abin kirki ba. Jaridu suna son kiran abin gagarumar kwamfuta, alhali kwamfutar tafi-da-gidanka ma za ta gama wannan lissafi cikin ɗan lokaci.

Raunin yana cikin lambobin ƙarfi da aka fara da su. Idan an ba ƙungiya ƙarfin da ya fi nata, kuskuren zai shiga duk kaka 10,000 ɗin, sakamakon kuma ya fito da kamar tabbaci. A watan Maris na wannan shekarar ɗan bayan Arsenal William Saliba ya ji ciwon da ya hana shi buga sauran kakar. Lissafin da ya dogara ga wasannin baya kawai ba zai san tsaron gidan ya ragu ba sai bayan an fara zura wa ƙungiyar ƙwallaye. Shafin FiveThirtyEight, lokacin da yake fitar da irin wannan hasashe, ya rage matsalar ta hanyar barin ƙarfin ƙungiya ya riƙa hawa da sauka a cikin kowace kakar da ake kwaikwayo: wadda ta ci wasanni a jere sai a ɗan ƙara mata ƙarfi kafin wasan gaba. Wannan yana faɗaɗa abin da zai iya faruwa, kuma ya fi kusa da gaskiya. Akwai kuma abin da babu lissafin da zai hango, kamar maki 10 da aka zaftare wa Everton a Nuwamban 2023, waɗanda aka mayar shida bayan ɗaukaka ƙara.

A ƙasan teburi abin ya fi rikitarwa, domin ƙungiyoyi biyar ko shida ne ke kokawa a kan kujera uku, kuma babu wani adadin maki da ke ba da tabbacin tsira. West Ham ta faɗi da maki 42 a 2003, West Brom ta tsira da 34 a 2005. Kwaikwayon kaka yana da amfani a nan saboda a kowane zagaye layin tsira yana fitowa ne daga sakamakon dukkan ƙungiyoyin. Duk da haka, ƙaramar dama ba rashin dama ba ce. A 2015 Leicester tana ƙarshen teburi da maki 19 a wasa 29, sai ta ci bakwai daga cikin tara na ƙarshe, ta ƙare ta 14 da maki 41.

Saboda haka ba a yanke wa mai hasashe hukunci da kaka guda. Wanda ya ba ƙungiya kashi 90 na faɗuwa, ta kuma tsira, bai yi ƙarya ba, tunda shi da kansa ya ce sau ɗaya cikin goma hakan zai faru. Gwajin da ya dace shi ne a tara duk lokutan da ya ce kashi 70 cikin shekaru da yawa, a duba ko abin ya faru kusan sau bakwai cikin goma. Idan sau biyar kawai ya faru, lissafinsa ya cika alfahari, kuma gyaran yana wajen yadda yake auna ƙarfin ƙungiyoyi.