Karatun Awa Guda a Minti Biyar-Biyar: Ina Ake Yankawa?

Wani malamin Islamiyya a unguwarmu ya turo min karatunsa na rabon gado, wanda ɗalibansa suka ɗauka da waya ranar Asabar bayan La'asar. Awa guda da minti biyar ne. Ya ce ɗalibai na kukan tsawonsa, masu sana'a ba sa samun zaman kallo, ga kuma kuɗin data. Yana so in yanyanka masa shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa minti biyar, a riƙa turawa a WhatsApp.

Na ce, "Allah gafarta Malam, yankawa ba wuya, cikin awa biyu zan gama. Amma ina tsoron abin da zai fito."

Sai na yanka ɗaya don ya gani da idonsa. Gunduwa ta huɗu ta fara da Malam yana cewa "to kamar yadda muka ce ɗazu," yana nuna wani rubutu a allo da aka riga aka goge rabinsa. Ta ƙare daidai inda yake cewa mace tana da rubu'in dukiyar mijinta. Sharaɗin da ke biye, wato idan mamacin bai bar ɗa ba, ya faɗa cikin gunduwa ta biyar. Malam ya yi shiru, sannan ya ce, "Wannan idan ya fita shi kaɗai, sai ya haɗa gida faɗa."

Abin da ya gani shi ne ainihin matsalar. Mai karantarwa a zaure ya san mutanen da ke gabansa sun ji abin da ya faɗa minti ashirin da suka wuce, don haka yana ɗora magana kan magana. Gajeren bidiyo kuwa tafiya yake shi kaɗai. Wani zai fara da na shida, wani za a turo masa na uku ba tare da sauran ba, wata za ta kalli na biyu yau ta dawo bayan kwana goma. Saboda haka dogon karatun da aka ɗauka ya zama kayan aiki kawai. Daga cikinsa za a ciro darussa, a rubuta kowanne sabo, a sake ɗauka.

Akwai bincike da ya tabbatar da wannan. A 2014, Philip Guo da Juho Kim da Rob Rubin sun duba kallo kusan miliyan 6.9 na bidiyoyin darussa huɗu a dandalin edX. Sun gano cewa matsakaicin lokacin da ɗalibi ke tsayawa kan bidiyo bai cika wuce minti shida ba, komai tsawon bidiyon. Sun kuma gano cewa darussan da aka tsara tun farko don bidiyo sun fi riƙe masu kallo fiye da laccar aji da aka ɗauka aka daddatsa daga baya. Sai dai a lura, kallo suka auna. Mutum ya kalli abu har ƙarshe ba ya nufin ya gane shi.

Aikin farko da muka yi shi ne zama da takarda da biro, muka saurari karatun daga farko, muna rubuta minti da abin da ake yi a cikinsa. Addu'ar buɗewa da gaishe-gaishe da jiran waɗanda suka makara sun ci minti takwas. Tambayoyin ɗalibai sun ci goma sha biyu, uku daga cikinsu abu ɗaya suke tambaya. Juya baya ana rubutu a allo da gogewa, kusan minti bakwai. Akwai kuma labarin wata shari'ar gado da Malam ya bayar, mai daɗi, amma ba ya koyar da lissafin. Da muka tsame waɗannan, ainihin karatun bai kai minti talatin da biyar ba. Tambayoyin ɗaliban ba mu zubar da su ba, domin su ne suka nuna mana inda kai ke ɗaurewa.

Sannan muka daina kallon agogo. Ga kowane yanki sai mu tambayi kanmu: bayan ɗalibi ya gama wannan, me zai iya yi wanda bai iya ba kafin ya fara? Dole amsar ta zama jimla ɗaya mai aiki a ciki. "Zai san gado" ba amsa ba ce. "Zai iya faɗin kason matar mamaci idan aka gaya masa ko akwai 'ya'ya ko babu," wannan amsa ce. Idan jimlar ta fara jan "da kuma" sau biyu, to darussa biyu ne suka ɓuya cikin ɗaya.

Da wannan ma'auni muka fitar da bakwai. Na farko kan abin da ake cirewa kafin a taɓa rabo: hidimar jana'iza, bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya. Na biyu kason miji da na mata. Na uku kason uwa da uba. Na huɗu rabon 'ya'ya. Na biyar yadda ake samo lambar da za a kasa dukiya a kanta, abin da malamai ke kira asalin mas'ala. Na shida misali guda daga farko zuwa inda lissafi ya cije, na bakwai kuma yadda ake warware cijewar. A zaure Malam ya kawo maganar bashi da wasiyya ne a ƙarshe, da wani ɗalibi ya tambaya. Mun dawo da ita farko, domin duk lissafin da ke tafe a kan abin da ya saura ake yinsa.

Darasi na biyu ya fi kowanne cin lokacinmu, duk da shi ne mafi sauƙi a ido. Mun kafa doka cewa hukunci da sharaɗinsa ba sa rabuwa, ko a jimla, ko a kan allon waya. Malam ya saba cewa "mace tana da rubu'i," ya ɗan numfasa, ya yi bayani, sannan ya kawo sharaɗi. A rubutun sai muka juya: sharaɗi ne ke gaba. "Idan miji ya rasu bai bar ɗa ko jika ta wajen ɗansa namiji ba, matarsa na da kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ya bari, tana da ɗaya cikin takwas. Ko mata huɗu ne, wannan kason ɗaya za su raba." Ko da wani ya yanke daƙiƙa talatin daga ciki ya yaɗa, zai yi wuya ya yaɗa kuskure.

Shi rubutun darasin, mun raba shafi gida biyu. A hagu abin da Malam zai faɗa, kalma da kalma. A dama abin da za a gani a daidai lokacin: hannu yana rubuta 1/8, ko da'ira an kasa ta takwas an shafa ɗaya da ja. Duk inda gefen dama ya daɗe babu komai, mun san mai kallo zai yi ta kallon fuska ne kawai, sai mu nemi abin nunawa ko mu rage maganar. Tsawo kuwa da kalmomi ake auna shi. Na ba Malam shafi ya karanta da muryarsa ta karantarwa na minti guda, muka ƙirga, kalma 130. Darasin minti biyar ke nan kalma 650, amma da yake akwai shiru yayin da hannu ke rubutu, muka tsaya a kan 500. Kowane malami ya auna nasa bakin, domin wani ya fi wani sauri.

Rubutu yana da tarkonsa. Karon farko da Malam ya karanta a gaban waya, sai ya koma kamar mai karanta sanarwa, duk armashin nan na zaure ya gudu. Laifin namu ne, mun rubuta Hausar takarda. Muka sake, yana faɗa ina rubutawa, da "to" ɗinsa da "ka gane ko," jimloli gajeru da numfashi ɗaya ke ɗauka. Duk inda harshensa ya sarƙe sau biyu, jimlar muke gyarawa.

Ga yadda na shida ya tafi. Ya buɗe da tambaya tun daƙiƙar farko, bayan gajeriyar sallama: mutum ya rasu ya bar mata, da uwa, da ɗa namiji ɗaya, da 'ya mace ɗaya, an biya bashi an cika wasiyya, saura naira 720,000, nawa kowa zai samu? Sai tunatarwa ta jimla biyu, wadda ta maye gurbin "kamar yadda muka ce ɗazu": tunda akwai 'ya'ya, mata na da 1/8, uwa na da 1/6. Ƙaramar lambar da takwas da shida ke shiga ita ce 24, don haka mata ta ɗauki 3, uwa 4, saura 17 na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. A nan lissafi ya cije, domin 17 ba ta rabuwa gida uku. Malam ya ce ɗalibi ya dakatar da bidiyon ya gwada da kansa, darasin ya ƙare. Na bakwai ya sake faɗin mas'alar cikin daƙiƙa ashirin, sannan ya ninka komai sau uku: 24 ta zama 72, mata 9, uwa 12, ɗa 34, 'ya 17. Kowane kashi naira 10,000 ne, don haka mata 90,000, uwa 120,000, ɗa 340,000, 'ya 170,000.

Mun yi jayayya kan wannan yankan. Ni ina ganin a bar misalin a dunƙule ko da zai kai minti tara. Malam ya dage a raba, domin a nan ne ɗalibai uku suka rikice a zaure, kuma a ganinsa wanda ya kwana yana kokawa da 17 zai fi riƙe maganin. Ya fi ni gaskiya. Rabawar ba ta da haɗari, tunda na shida bai fitar da wani hukunci rabi ba, ya faɗa ƙarara cewa ba a gama ba.

Kafin a saki kowane darasi, mun riƙa ba wani da bai halarci karatun ba, ya kalla shi kaɗai, sannan mu ba shi sabuwar mas'ala. Wata malamar firamare ta kalli na uku, muka tambaye ta kason uwa idan mamacin bai bar ɗa ba amma yana da 'yan'uwa biyu. Ta ce sulusi. Amsar sudusi ce. Muka duba, ashe sharaɗin 'yan'uwan sau ɗaya aka faɗe shi da baki, ba a rubuta shi a allo ba. Muka sake ɗauka.

Akwai abin da muka ƙi yankawa. Babin hajabi, inda wani magaji ke hana wani ko rage masa kaso, sai an ga dangin gaba ɗaya a gaba kafin a gane shi. Malam ya bar shi minti goma sha huɗu, da zanen dangi guda da ba a gogewa daga farko har ƙarshe. Labarin shari'ar nan da muka cire kuwa, ya ajiye shi don zaman Asabar, inda yanzu ɗalibai ke zuwa sun riga sun kalli darussan, kowa da takardar lissafinsa a hannu.