Sallamar Baba Mai Gadi: Abin da Ya Kamata a Faɗa da Abin da Ya Kamata a Miƙa

A rukunin gidaje da ofisoshi da yawa akwai dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin. Ya ga zuwan masu haya da tashinsu, yaran da ya riƙa tsallakar da su titi sun yi aure, amma in ka tambayi cikakken sunansa sai a yi shiru, domin kowa Baba mai gadi yake ce masa. Ranar da ƙarfi ya ƙare ya ce zai koma gida, sai a ɗora wa mutum ɗaya nauyin rubuta saƙon ban kwana. A nan ake gane cewa aikin ba ƙarami ba ne.

Kafin a ɗauki alƙalami, a fara sanin halin da mutumin zai tafi a ciki. Ma'aikacin gwamnati a Nijeriya yakan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, kuma fansho na jiransa. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ba da aiki ya riƙa zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Mai gadin da kamfanin tsaro mai rajista ya turo yana iya samun wannan asusu, don haka a tambayi kamfanin, a kuma taya Baba bin takardunsa. Amma wanda mazauna unguwa suka ɗauka da baki, suna haɗa masa kuɗi duk ƙarshen wata, galibi ba shi da komai a ajiye. Sau da yawa ma ɗakin bakin ƙofa shi ne makwancinsa, ranar da ya bar aiki ya rasa albashi da ɗaki a lokaci guda. Saƙon da ya manta da wannan, komai daɗinsa, iska ne.

Bari mu ɗauki misali. A ce rukuni ne mai gida 24, mai gadinsu ya shekara 22 a bakin ƙofa, albashinsa naira 70,000, wato daidai da mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024. Mataki na farko shi ne mutum biyu su zauna da shi su tambayi cikakken sunansa, da garinsu, da shekarar da ya fara aiki. Idan ya manta shekarar, a tuna masa da wani abu: gidan wa ake ginawa lokacin, wane yaro ne aka haifa. Daga nan a bi gida-gida, kowa ya faɗi abu ɗaya da yake tunawa game da shi. Daga abubuwan da aka tara za a zaɓi biyu ko uku kawai.

Ga yadda saƙon zai iya kasancewa, bayan sallama da ambaton sunansa:

“Baba, yau shekara 22 ke nan kuna riƙe da ƙofar nan. Mun yi barci kuna farke, cikin hunturu da damina. Ba mu manta daren da wuta ta kama a ɗakin janareta ba, ku ne kuka bi ƙofa-ƙofa kuna tashin mutane. Ba mu manta yadda kuke tsare yaranmu a inuwa ba idan motar makaranta ta sauke su iyaye ba su dawo ba. Mun bar muku makullan gidajenmu mun yi tafiya, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa: duk wanda ya ɗaga muku murya ko ya jinkirta muku haƙƙinku, muna roƙon ku yafe masa, mu ma mun yafe. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba ku lafiya, Ya sa ku iske iyali lafiya.”

A lura da ginin saƙon. Ya fara da adadin shekaru, ya kawo abubuwan da suka faru da gaske, ya yi shaidar amana, ya nemi yafiya, ya rufe da addu'a. Shaidar amana ita ce zuciyarsa, domin ita ce jarin mai gadi, kuma ita ce zai so ’ya’yansa su ji. Neman yafiya ma ba ado ba ne. Wanda ya shekara 22 a bakin ƙofa ya sha tsawar mai mota da ya dawo ƙarfe biyun dare yana danna oda, ya sha aike da ba ya cikin aikinsa. An kuma yi masa magana da “ku” saboda girmansa. Ga yadda ake gwada saƙon: a cire sunan, a karanta. Idan zai dace da kowane mai gadi a garin, to ba a rubuta komai ba tukuna.

Kurakuran da aka fi yi sanannu ne. Na farko, a rubuta da Turanci a jikin allon karramawa, a miƙa wa mutumin da boko bai dame shi ba. A karanta masa da harshen da yake ji, a gaban jama'a, ta bakin wanda ya fi daɗewa a rukunin. Idan da ajami yake karatu, a sa wani malami ya kwafe masa. Na biyu, alkawarin da ba za a cika ba, irin “za mu riƙa aiko muku da wani abu duk wata”. Idan da gaske ne, a faɗi nawa ne, a kuma sa sunan wanda zai riƙa turawa. Na uku, a kira kora da sunan ritaya. Idan mazauna ne suka yanke shawarar kawo kamfanin tsaro, a gaya masa gaskiya tun da wuri. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi sanarwar wata ɗaya ga wanda ya yi shekara biyar ko fiye yana aiki, dattijon da zai kwashe kayan shekara 22 kuwa ya cancanci fiye da haka.

Sai maganar ambulan. Idan kowane gida cikin 24 ya ba da naira 20,000, an tara 480,000, kusan albashin wata bakwai. Idan kuwa aka zaɓi a ba shi albashin wata ɗaya a kan kowace shekarar da ya yi, kuɗin zai kai 1,540,000, kowane gida ya ba da kimanin 64,000, abin da za a iya tarawa cikin wata huɗu idan an fara da wuri. A nemi tsofaffin mazauna da suka tashi, sau da yawa su ne suka fi sakin hannu. A fara biyan bashin albashi daban, kada a cusa shi cikin kyauta. Kada kuma a faɗi adadin kuɗin a wurin taro, domin mutumin zai hau mota ya yi doguwar tafiya. A tura masa ta asusun banki ko a damƙa masa a keɓe gaban shaida ɗaya.

Abu na ƙarshe takarda ce guda, dabam da saƙon: sunansa, shekarar farawa da ta gamawa, shaidar cewa ya rabu da mutane lafiya, da sa hannun shugaban mazauna. Tana iya yi masa amfani idan ya nemi aikin rana mara wahala, ko ya kawo ɗansa neman gurbi. Idan kuna da irin wannan dattijo a bakin ƙofarku, kada ku jira ranar tafiyarsa. Ku tsaya gobe da safe ku tambaye shi sunansa.