Gem Na Sarƙewa a Laftof: A Rage Resolution Ne Ko A Rage Saiti?

Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke zaune a Kalgo, ko matashi a Gwandu da ya sayi laftof ta hannu, yakan ɗora GTA V ya tarar hoton yana tsinkewa. Yawanci abin da ake fara taɓawa shi ne Resolution. Sau da yawa kuwa shi ya kamata a bari sai ƙarshe.

A ɗauka allon laftof ɗin 1920x1080 ne, gem yana ba da FPS 24, ana son ya kai 30. Allon yana da ɗigo 2,073,600. Idan aka sauko zuwa 1600x900, sun koma 1,440,000, wato aikin zane ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma hakan kan isa. Amma ɗigon da ke jikin allon ba sa canzawa. Dole a miƙe ƙaramin hoto ya cika babban allo, sai komai ya dushe lokaci guda: taswira, rubutu, fuskar mutum, motar da ke tahowa daga nesa.

Rage saiti kuwa yana barin mutum ya zaɓi inda zai yi asara. MSAA ne ya fi cin ƙarfi, don haka a kashe shi a kunna FXAA. Sai a mayar da Shadow Quality da Grass Quality da Reflection Quality zuwa Normal. Inuwa za ta yi kaushi, ciyawa ta ragu, amma wa ke ƙirga ciyawa 'yan sanda na bin sa? Hoton dai yana nan garau. Texture Quality kam a bar shi sama muddin ma'aunin Video Memory da ke shafin bai cika ba, domin wuri yake ci, ba gudu ba.

Wannan dabara tana da iyaka. A laftof mai Intel HD Graphics, galibi saitin yana ƙasa tun farko, babu sauran abin ragewa. Nan sai an sauko zuwa 1280x720, ɗigo 921,600, ƙasa da rabin na farko.

Kafin duk wannan akwai gwajin minti biyu. A sauke Resolution sosai a duba FPS. Idan bai motsa ba, furosesa ce ta gaza, kuma dushe hoto ba zai ƙara komai ba, sai dai a rage Population Density da Distance Scaling. Idan kuma gem ya fara lafiya, bayan kamar minti goma ya koma ja da ƙyar, zafi ne, musamman a watan Afrilu a Kebbi. A ɗaga laftof daga kan katifa, a share ƙurar fanka, a kuma jona caja, domin yawancin laftof suna rage ƙarfi idan suna kan batir.