Kafin mu ce barka: yadda ake taya ɗan uwa murnar samun gurbin jami'a

A duk lokacin da jami'o'i suka fara sakin sunayen sababbin ɗalibai, wayoyinmu ba sa hutawa. Ka buɗe sitatus ka ga hoton wani an rubuta masa “sabon likita”, ka shiga zauren dangi ka tarar ana ta jero addu'o'i. A gida kuwa ƙanne ne ke rige-rigen kai labari: “Albishirinki!” “Goro!” “Fari ko ja?” Abin gwanin daɗi. Sai dai mu da muka riga su shiga jami'a da shekara ɗaya ko biyu mun ga yadda irin wannan murna kan koma ciki, domin ganin suna a jerin da makaranta ta fitar bai isa a ce an samu gurbi ba. Da sauran rina a kaba. Don haka barkar da ta fi amfani daga wurin yaya ko aboki ita ce wadda ta zo da tambaya guda: “Ka karɓa a CAPS kuwa?”

Me ya sa wannan tambaya?

Tun shekarar 2017 hukumar JAMB ta fito da tsarin CAPS, wanda ta cikinsa ake ba da gurbin karatu a jami'o'i da kwalejojin ƙasar nan. Makaranta ce ke zaɓen ɗaliban da take so, ta tura sunayensu, JAMB ta amince, sannan ɗalibi ya shiga da kansa ya ce ya karɓa ko bai karɓa ba. Matakai uku ke nan, kuma na ƙarshen yana hannun ɗalibi. Hukumar ta sha nanata cewa duk gurbin da aka bayar ta bayan wannan tsari ba ta san da zamansa ba.

Illar ba ta bayyana da wuri. Mutum zai iya biyan kuɗi, ya zauna a aji, ya ci jarrabawa, sai ya zo ƙarshen karatu a ce sunansa ba ya cikin kundin JAMB na ɗaliban da aka ɗauka bisa ƙa'ida. Da wannan kundi ake tantance masu tafiya bautar ƙasa. Abin da minti goma a waya zai gyara a farko, sai ya zama zirga-zirgar ofis-ofis bayan shekara huɗu.

Dubawar ba wuya. A shiga efacility.jamb.gov.ng da imel da lambar sirrin da aka yi rajista da su, a taɓa Check Admission Status, sannan Access my CAPS, sai Admission Status. Idan shafin bai buɗe sosai a waya ba, a kunna Desktop site a burauzar. Idan an ga Not Admitted, ba a ba shi ba tukuna. Idan Admission in Progress ne, magana tana hanya, a ƙara haƙuri. Idan kuwa gurbin ya fito da sunan makaranta da kwas, maɓallan Accept da Reject za su kunnu. A nan ne ake son natsuwa, domin wanda ya karɓa ya rufe ƙofar wata makaranta a wannan shekarar, kuma ba a janyewa. Haka nan ba a barin gurbin ya yi ta zama ba a taɓa ba, saboda akwai wa'adi.

Misalin da ya fi yawa

A ce 'yar gwaggonmu ce ta nemi kwas ɗin aikin jinya. Ranar da jami'ar ta saki sunaye, wata ƙawarta ta turo mata hoton shafin da sunanta yake. Gida ya kaure da guɗa, an fara kiranta “nas”. Da muka zauna da ita muka duba da kyau, sai muka ga abu biyu. Na farko, sunan nata yana ƙarƙashin kimiyyar halittu ne, ba aikin jinya ba. Na biyu, CAPS yana nuna Not Admitted.

Ba sai an tayar da hankali ba, dalilin yakan kasance ɗaya daga cikin biyu. Mu fara da My O'level a cikin CAPS ɗin. Yawancinmu mun yi rajistar JAMB muna jiran sakamakon WAEC ko NECO, kuma idan sakamakon ya fito ba ya hawa da kansa. Sai an je cibiyar da JAMB ta amince da ita ko ofishin hukumar an ɗora shi. Muddin wurin nan babu komai, ba za a iya tabbatar mata da gurbi ba, ko da makinta ya kai. Daga nan mu duba Transfer Approval. Idan jami'a ta ga makin ɗalibi bai kai na kwas ɗin da ya nema ba amma ya isa wani, takan miƙa masa tayin canji ta nan, kuma ba abin da zai motsa sai ya amsa.

Yanzu shawara ta rage gare ta da iyayenta. Idan ta amince da canjin, ta bar layin aikin jinya ke nan. Idan ta ƙi, tana nan a layin da ta nema, amma babu tabbacin zai kai kanta. A nan ne masu taya murna kan yi ɓarna da cewa, “Ki karɓa kawai, in kin shiga kya canza.” Canjin kwas bayan an shiga yana da sharuɗɗa, kuma kwasa-kwasan lafiya suna da ƙayyadadden adadin ɗaliban da aka yarda a ɗauka, don haka ba alƙawarin da za mu yi wa kowa ba ne. Aikinmu mu shimfiɗa mata gaskiya, mu haɗa ta da wani da ke karanta kwas ɗin da aka ba ta, ya gaya mata abin da ake koyo da inda ake aiki da shi. In ta karɓa da saninta, ta fitar da takardar gurbi ta JAMB daga shafin, to a nan barka ta zauna daram.

Hannu a aljihu

Murnar ɗalibi ita ce farkon lissafin uba. Da zarar an karɓi gurbi, kuɗi za su fara kira bi da bi: yawancin makarantu suna da kuɗin amincewa da gurbi, ga kuɗin rajista, ga gwajin lafiya, ga ɗakin kwana, ga kuɗin mota. Duk a cikin makonni kaɗan. Shi ya sa muke ganin kuɗin da za a kashe wa kek da buga hoto a riga sun fi amfani a wani wurin.

Ba sai mai hali ba. A ce mu goma ne 'yan uwa, kowa ya kawo naira 3,000, an tashi naira 30,000. Ba za ta biya rajista ba, amma za ta iya ɗauke hotunan fasfo, kwafin takardu, fayil, bokiti, kwaɗo da makulli, da wani abu na kuɗin mota. A ba mutum ɗaya amana, a rubuta abin da aka tara, a miƙa ta hannun uwa ko uba don kada abin ya zama kamar an tsallake manya. Wanda ba shi da ko sisi yana da abin bayarwa: ya zauna ya jera takardu. A duba sakamakon sakandare, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, takardar JAMB da lambar NIN, a tabbata suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya. “Muhammad” a nan, “Mohammed” a can, ko an juya sunan uba ya koma farko, ƙaramin abu ne da kan tsayar da mutum a layin tantancewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ke makarantar kuma, rakiyar yini ɗaya ta fi kowace kyauta. Jambito bai san cewa a Jami'ar Ahmadu Bello tsangayar shari'a tana Kongo ba, ba Samaru ba, ko cewa Jami'ar Bayero tana da tsohon matsuguni da sabo. Mu ne za mu nuna masa. Mu kuma ja masa kunne cewa kuɗin makaranta ta shafin makarantar ake biya, ba a tura su asusun wani mutum. A wannan lokaci ne masu cewa “ina da hanya” ke yawaita, kuma hoton da muka saka da cikakken suna da lambar rajista shi ke ba su abin da za su kira da shi. In za a saka hoton takarda, a rufe lambobin. In gidan na fama da kuɗin rajista, a tuna musu da asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024 don ɗaliban makarantun gwamnati, tare da bayyana musu cewa rance ne da za a biya, ba kyauta ba.

Kalaman da suka dace

Barka tana da tsari. A fara da iyaye, a je har gida in da hali: “Gwaggo, barka da arziki, Allah ya sanya albarka.” Za ta ce “Barka kadai”, kuma ba za ta manta wanda ya tako ba. Ga ɗalibar kuwa, saƙo gajere da ya ambaci wahalarta ya fi dogon da aka kwafo. Misali: “Ƙanwata, barka. Na san zaman da kika yi wa wannan jarrabawa. Allah ya sa yadda kika shiga lafiya ki fita lafiya. Ranar Asabar zan zo mu duba takardunki.” Idan abokiyar wasa ce, a yi tsokanar, amma kada ta taɓa kwas ɗin. “Ayya, wannan suka ba ki?” kalma ce da kan zauna a zuciya har a gama aji ɗaya.

Mu kuma tuna cewa kusan kowane gida da ake guɗa akwai wanda suka zauna jarrabawar tare bai samu ba, wani ma karo na biyu ko na uku ke nan. Kada a yi murnar a kansa, kada a ce “saura kai” a gaban jama'a. A same shi shi kaɗai, a duba nasa CAPS ɗin. Sau da yawa jami'o'i suna sakin sunaye kashi-kashi, kuma mai yiwuwa shi ma sakamakonsa ne bai hau ba, ko tayin canjin kwas na jiransa, ko wata makaranta ta yi masa tayi a Marketplace bai gani ba.

Saboda haka, in albishir ya iso wayarka a wannan mako, ba da goron, yi addu'ar, sannan ka ce a turo maka hoton shafin CAPS. In komai ya yi daidai, a sa ranar duba takardu kafin a sa ranar walima.