Me ya sa wasu harsuna ke ƙirga ashirin-ashirin?

Bahaushe na da sunaye daga ɗaya zuwa goma, daga nan sai gini. Tsakanin 11 da 19 yana sa "sha", ya ce goma sha uku. Bayan ashirin kuma "da" ke haɗa su, kamar talatin da biyar. Sunayen gomomin, daga ashirin har casa'in, aro ne daga Larabci. Kafin su akwai gomiya biyu, gomiya uku, inda lissafin ke fili.

Yarbawa kuwa ashirin ce tubalinsu. Ogun shi ne 20, ogoji ashirin biyu ke nan, wato 40, ogota kuma ashirin uku, 60. To, ina 50? Sai a ɗebe goma daga sittin, a ce adota. Don a faɗi 45 ma, sai a sake ɗebe biyar daga hamsin ɗin. Ragin ba baƙo ba ne a kunnenmu, tunda mukan ce ashirin ba ɗaya.

Asalin abin jikin mutum ne. Wanda ya tsaya a yatsun hannu ya sami goma, wanda ya gangara ƙafa ya sami ashirin. Shi ya sa a wasu harsunan Maya na Guwatamala kalma ɗaya ce ke nufin "mutum" da "ashirin".

Wahalar tana fitowa wajen rubutu, domin alƙaluma kan goma suke tafiya. Ɗalibi a Maraɗi da aka yi wa shiftar 97 da Faransanci zai ji "huɗu, ashirin, goma, bakwai", kuma sau da yawa hannunsa ya riga ya rubuta 4 kafin malam ya ƙarasa kalmar.