Abin da Kowace Soyayya Ta Dogara a Kai

Idan ma'aurata suka ce soyayya ta ƙare bayan wasu shekaru, galibi nau'i ɗaya na so ne ya yi sanyi, sai suka ɗauka duka ta mutu. Masana da suka rarrabe nau'o'in so sun fi duba tushen kowanne, domin tushen ne ke nuna ranar da zai rushe. Aristotal, masanin falsafar Girka da ya rasu a 322 kafin miladiyya, ya kasa abota gida uku. Akwai ta amfani, kamar ta abokan ciniki, wadda ke watsewa da zarar ribar ta tsaya. Akwai ta jin daɗi, wadda ya ce ta fi yawa a tsakanin matasa, tana canjawa yadda abin da ke burge su ke canjawa. Ta ukun ita ce son mutum don halinsa, ita ce mai ɗorewa, amma ba ta da yawa, kuma ba ta samuwa sai an daɗe ana cuɗanya.

A 1986 Robert Sternberg, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya ce abu uku ke haɗa soyayya: shaƙuwa, sha'awa, da ƙudurin zama tare. Shaƙuwa ita kaɗai abota ce. Sha'awa ita kaɗai bege ne mai saurin kamawa da saurin lafawa. Ɗauki saurayi da budurwa da suka haɗu a wajen biki, aka ɗaura aure bayan wata biyu. Suna da sha'awa, suna da ƙuduri, amma babu wanda ya san yadda ɗayan yake idan ya fusata ko aljihu ya bushe. In zafin ya ragu kafin shaƙuwa ta ginu, igiyar aure kawai ta rage, gida ya zama na zaman haƙuri. In kuwa sun saba faɗa wa juna damuwarsu, sanyin sha'awar zai bar su da ƙaunar zaman tare, wadda Sternberg ya ce shaƙuwa ce da ƙuduri.

Wani zai ce wannan rage darajar bege ne, har ya kafa hujja da Ibn Hazm na Andalus. A littafinsa Ɗauƙul Hamama ya bayyana cewa duk so mai dalili yana gushewa tare da dalilinsa, sai begen gaskiya ne kaɗai ke kaiwa har mutuwa. Hujjar tana da nauyi, sai dai shi Ibn Hazm ɗin ya yi shakkar mai cewa ya kamu da kallo ɗaya, ya kira wannan sha'awa, ya ce shi so bai taɓa kama zuciyarsa ba sai bayan doguwar mu'amala. Ke nan begen da yake yabo ya riga ya ƙunshi shaƙuwa, kuma a ganina saɓaninsa da Aristotal bai kai yadda ake zato ba.